Fassara Sharuɗɗan Diyya zuwa Harshen Tailan

Fassara sharuɗɗan diyya na kwangilar kasuwanci zuwa harshen Tailan aiki ne da ke buƙatar sanin dokoki biyu. Dokar Ingila ta bambanta diyyar da aka ƙayyade tun farko da tara: kotu tana tilasta biyan diyyar, amma ba ta tilasta biyan tarar. A Tailan kuwa, kotu kan ɗauki irin wannan diyya a matsayin tara, kuma sashe na 383 na kundin dokar farar hula da kasuwanci ya ba ta ikon rage ta idan ta wuce kima. Saboda haka mai fassara yakan sanar da lauya wannan bambanci, domin canza kalma ba ya hana ragin.