Laulayi: Saƙon Mabiyiya Zuwa Ƙwaƙwalwa

A unguwar Kwararafa da ke Jos, kamar sauran gidajen Hausawa, idan mai ƙaramin ciki ta fara gudun ƙamshin miya tana yawan tofar da yawu, sai a ce laulayi ne. Idan abin ya tsananta kuwa, wasu kan ce raki ne. Hujjojin kimiyya ba su goyi bayan wannan hukunci ba.

Kimanin mata bakwai cikin goma ne ke fama da tashin zuciya a farkon ciki. Yakan fara wajen mako na 6, ya yi tsanani wajen mako na 9, sannan ya lafa wa yawancinsu kafin mako na 16. Ba da safe kaɗai yake zuwa ba, sai dai wayewar gari da yunwa kan tsananta shi.

An daɗe ana zargin homon ɗin hCG, wanda mabiyiya ke fitarwa, kuma shi ne gwajin fitsari ke ganowa. Yawansa na kai ƙololuwa daidai lokacin da laulayi ke tsananta, kuma masu cikin tagwaye, da suka fi yawansa, sukan fi shan wuya. Amma mata biyu kan sami hCG kusan daidai, ɗaya na amai, ɗaya na cin tuwonta lafiya. Homon ɗin firojestaron ma na da hannu, domin yana sassauta tsokar tumbi da hanji, abinci ya daɗe bai wuce ba.

Bayani mafi ƙarfi ya fito a mujallar Nature a 2023, daga binciken Marlena Fejzo da Stephen O'Rahilly da abokan aikinsu. Sun nuna cewa homon ɗin GDF15, wanda yawancinsa daga mabiyiya yake shiga jinin uwa, yana taɓa cibiyar amai da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Matar da jikinta bai saba da shi ba kafin ciki ita ta fi jigata. Masu ciwon jini na talasemiya kuwa, waɗanda dama yake da yawa a jininsu, ba su cika laulayi ba. Ashe bambancin na halitta ne, ba na juriya ba.

Wannan fahimta na da amfani a aikace. A ɗauki mace mai nauyin kilo 60 da ta koma 57 a mako na 10, ko ruwa ba ya zama mata, fitsarinta ya ragu ya yi duhu. Ta rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinta, don haka ta wuce laulayin da citta da cin abinci kaɗan-kaɗan ke sauƙaƙawa. Tana bukatar ƙarin ruwa da maganin amai a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Idan kuma akwai zazzaɓi, wajibi ne a gwada maleriya da ciwon mafitsara, domin laulayi shi kaɗai ba ya kawo zazzaɓi.