Daga Dapango zuwa Dapaong: wa ke raɗa wa wuri suna?

Tun kafin bature ya kafa allo ko ɗaya a arewacin Togo, wurare suna da sunayensu, kuma bakin mutane ne ya raɗa su. Fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga sukan yada zango a ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didawure ta Sokode ta zama mazaunin 'yan kasuwa da malamai. Can arewa, kan hanyar Dapaong, akwai garin da taswira ta rubuta Sansanne-Mango. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan: sansani ne, na mayaƙan Cakosi. Ba wanda ya zauna taro kan waɗannan sunaye. Abin da wuri yake, shi ake kiransa.

Jamusawa sun kafa bariki a Sokode dab da ƙarshen ƙarni na 19, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin duniya na farko. Daga nan suna ya shiga takarda, da rubutun da ya dace da kunnen baƙo. Sai aka wayi gari da Palime da Dapango.

Babban juyi ya zo bayan haɗarin jirgin shugaban ƙasa a Sarakawa ranar 24 ga Janairu 1974. Shugaba Eyadema ya ajiye sunansa Etienne ya ɗauki Gnassingbe, aka shiga gangamin komawa ga sunayen gida. Palime ta zama Kpalime, Nuatja ta zama Notse, Dapango ta zama Dapaong. A ganina gyaran yana kan gaskiya, domin ya matso da rubutu kusa da furucin masu ƙasa. Amma daga sama ya sauko, ba a tattaro shi daga unguwa ba. Shi ya sa har gobe za ka ji dattijo a tasha yana neman motar Dapango, kuma tsohuwar takardar haihuwarsa tana bayansa.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 30 ga Yuni 2019, na farko tun 1987, ya sauko da magana ƙasa. An raba Togo kwamin 117. Sokode tana Tchaoudjo 1, Dapaong tana Tône 1, kowace da magajin gari da kansiloli. Ga kuma kwamitocin raya unguwa, waɗanda ake kira CDQ. Yanzu shawarar suna tana iya tashi daga ƙofar gidan mai unguwa.

To, yaya za a yi ta? Mu ɗauka an shimfiɗa sabon layi a Zangon Sokode, daga bakin masallaci zuwa kasuwa. Aikin farko ba neman sabon suna ba ne. 'Yan kwamiti su tsaya a inda masu zemijan ke jiran fasinja, su tambayi mutum goma: in an ce ka kai ni nan, me ake cewa? In takwas suka ce layin mahauta, to layin yana da suna tuntuni, kuma duk allon da ya saɓa masa zai yi tsatsa ba a karanta shi ba. A tambayi mata masu talla ma, don sun fi kowa taka layin.

Wurin da ake ɓatawa shi ne sunan mutum. Wani gida zai kawo kakansa da ya fara sauka a wurin, wani ya kawo limamin da ya karantar da rabin unguwa, wani kuma attajirin da ya sayi siminti. Ni dai ina bayan a cire mai rai daga lissafi tun kafin a ji sunan kowa, domin ƙa'idar da aka kafa bayan an ga sunaye kowa zai ce don shi aka yi ta. Kuma a garin da Kotokoli da Hausawa da Kabiye ke zaune tare, sai a furta sunan da bakin kowa a ji ko bai zama zagi ko abin dariya ba. Makarantun garuruwan nan sun daɗe da samun mafita: da yawa sunan unguwa suke ɗauka, kamar lise ta Nassable a Dapaong, ba mai jin an ture kakansa.

Sai rubutu. A tsai da guda ɗaya, Didaouré ko Didawure, a duba kada wani layi a kwamin ya riga ya ɗauki sunan. A rubuta abin da taro ya yanke da sa hannun mai unguwa, a miƙa wa majalisar kwamin, domin kwamiti shawara yake bayarwa, kansiloli ne ke zartarwa. Bayan wata shida da kafa allo, a koma tashar masu zemijan a sake yin tambayar nan.