Oza, giram, tola da kilo: yadda ake juya farashin zinare daga wani awo zuwa wani

Farashin zinare da muke ji a rediyo ko muke gani a waya kusan kullum da dalar Amurka yake zuwa, kuma a kan oza ɗaya. Amma maƙerin zinare a Maraɗi ko Damagaram da giram yake magana, wanda ya saro kaya daga Dubai zai ambaci tola, manyan dillalai kuwa kilo suke ƙirgawa. Duk abu ɗaya suke aunawa. Hanyar da ta fi tsira daga kuskure ita ce a fara fitar da kuɗin giram ɗaya na tataccen zinare, sannan daga nan a tafi duk awon da ake so.

Oza iri biyu ce

Ozar da ake rubutawa a jikin gwangwanin madara ko kwalin abinci nauyinta giram 28.35 ne. Zinare da azurfa ba da ita ake auna su ba. Suna da tasu ozar, wadda ake kira ozar turoi, nauyinta giram 31.1035. Farashin da ake tsayarwa a Landan sau biyu a rana, da ƙarfe 10:30 na safe da ƙarfe 3:00 na yamma agogon can, a kan wannan ozar yake. Haka ma adadin da ake gani a waya ƙarƙashin alamar `XAU/USD`. Matsalar ita ce masu ba da labari ba sa faɗin wace oza suke nufi. Idan ɗalibi ya tambayi manhajar juya awo nauyin oza, sau da yawa ta abinci za ta ba shi, shi kuma ya ɗauka ya gama.

Mu ɗauki farashi na misali, wanda ba na wata rana takamaimai ba ne: oza ɗaya dala 3,000. Idan muka raba 3,000 da 31.1035, giram ɗaya zai tashi a dala 96.45. Wanda ya raba da 28.35 zai samu dala 105.82, wato ya ɗora wa kowane giram kusan kashi 10 cikin ɗari da babu su. Ko farashin ya hau ko ya sauka, wannan kuskuren kullum tsada yake ƙara wa giram.

Ƙaramin sikelin lantarki da maƙera ke amfani da shi ma yana da wannan tarkon. Maɓallin canza awo yakan nuna `g` da `oz` da `ozt`. Na farko giram ne, `oz` ozar abinci ce, `ozt` ita ce ta zinare. Shawararmu a bar sikeli a kan `g` kawai, a yi sauran lissafin a takarda.

Kilo

Da zarar an san kuɗin giram, kilo ba wahala: a ninka sau 1,000. A misalinmu kilo ɗaya dala 96,452 ne. Wanda yake so ya tafi kai tsaye daga oza sai ya ninka da 32.1507, domin yawan ozar zinare da ke cikin kilo ke nan. Adadin 35.27 da ake samu a littattafan makaranta na ozar abinci ne, kuma mai amfani da shi zai ce kilo dala 105,800 da wani abu ne, ƙarin sama da dala 9,000.

A nan ne yanke wutsiyar lamba yake cizo. Wanda ya ce oza giram 31 ce, idan zobe ɗaya yake lissafawa ba zai ji komai ba. A kan kilo kuwa zai samu dala 96,774, wato ya ƙara dala 322. Wanda ya ninka da 32 maimakon 32.1507 ya rage dala 452. Don haka a riƙe lambobi huɗu bayan ɗigo har lissafi ya kai ƙarshe, a nan ne za a daidaita.

Tola, da tambayar da ya kamata a yi kafin ciniki

Tola awo ne na Indiya da Pakistan da maƙwabtansu, kuma ya zauna sosai a kasuwar zinare ta Dubai, inda 'yan kasuwarmu da yawa suka san shi. Tun zamanin mulkin Ingila a Indiya aka tsayar da nauyinta a kan abin da ya yi daidai da giram 11.6638. Abin da ya sauƙaƙa lissafinta shi ne tola ɗaya kashi uku ce cikin takwas na ozar zinare, daidai ba ragi ba ƙari. Saboda haka ba sai an bi ta giram ba: a ninka farashin oza da 0.375. Dala 3,000 sau 0.375 ya ba mu dala 1,125. Sanannen ɗan sandan zinaren nan mai tola goma nauyinsa giram 116.64 ne, wato oza 3.75.

Sai dai a baki, ba kowa ke nufin wannan tolar ba. Masu sayar da kayan ado da yawa, musamman a Indiya, sun saba kiran giram 10 da sunan tola don sauƙin ƙirga. A farashinmu na misali giram 10 dala 964.52 ne, tola ta asali kuwa 1,125. Tazarar dala 160 a kan kowace tola ba abin wasa ba ne. Idan aka faɗa maka farashin tola, ka tambayi giram nawa ce, a kuma ɗora kayan a sikeli kana gani. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Ga dukan lissafin a wuri ɗaya:

```
giram = oza ÷ 31.1035
tola  = oza × 0.375
kilo  = oza × 32.1507
```

Akwai gwaji na ido da zai kama yawancin kurakurai. Kuɗin tola dole ya ɗan zarce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin oza. Idan ya gaza haka, ko dai tola mai giram 10 ce, ko kuma zinaren ba tatacce ba ne. Kuɗin giram kuma idan aka ninka shi sau 31 ya kamata ya dawo dab da kuɗin oza. Idan ya wuce shi da kusan kashi goma cikin ɗari, ozar abinci ce ta shigo lissafin.

Daga dala zuwa sefa

Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, a Nijar da Benin kamar yadda yake a Kamaru da Chadi. Dala kuwa ba a ɗaure take ba, kullum tana motsi. Don haka farashin oza da canjin dala su kasance na rana ɗaya. Ɗaukar farashin yau a haɗa shi da canjin watan jiya kuskure ne da ake yawan yi ba a lura ba. Mu ce a ranar misalinmu dala ɗaya sefa 600 ce. Oza za ta zama sefa 1,800,000, tola 675,000, giram 57,871, kilo kuma miliyan 57 da dubu 871 da 'yan kai.

Abubuwa biyu na yankinmu suna rikita mutane a nan. Na farko, a kasuwannin Nijar kalmar dala tana nufin sefa biyar, don haka mai faɗin farashi a waya ya ce dalar Amurka a cike. Na biyu rubutun lamba ne. Wanda ya yi makarantar Faransanci zai rubuta 31,1035 da waƙafi, wanda ya yi ta Ingilishi zai rubuta 31.1035 da ɗigo, kuma a wurinsa waƙafi dubbai yake rabawa. Idan takarda ta zo daga Yamai zuwa Kumasi ɗauke da 11,664, ɗaya zai karanta giram goma sha ɗaya da ɗoriya, ɗayan kuma dubu goma sha ɗaya. A wannan rubutun ɗigo muke sa wa gutsuren lamba.

Karat

Duk lissafin da ya gabata na tataccen zinare ne, karat 24. Sarƙa da awarwaro da ɗan kunne gauraye suke da wasu ƙarafa don su yi ƙarfi. Hatimin da ke jikinsu yana faɗin yawan zinaren cikin dubu: 916 na karat 22 ne, 875 na karat 21, 750 na karat 18. Sai a ninka kuɗin giram da wannan. Giram na karat 21 zai zama 57,871 sau 0.875, wato sefa 50,637, na karat 18 kuma 43,403.

Yanzu mu gwada da ciniki. An ce wa wata baiwar Allah awarwaro karat 21, tola ɗaya sefa 600,000. Idan ta kwatanta da 675,000 za ta ga kamar araha ce, alhali wancan na tatacce ne. Sai ta mayar da shi giram. In tolar ta asali ce, 600,000 a raba da 11.6638 ya ba da sefa 51,441, ɗan sama kaɗan da 50,637, kuma wannan tazarar ba ta wuce kuɗin ƙira da ribar mai shago ba. In kuwa tola mai giram 10 ce, giram ya tashi a sefa 60,000, ya fi kuɗin tataccen zinare ma, kuma ya haura darajar zinaren da ke cikin awarwaron da sama da kashi 18 cikin ɗari.

Inda lissafin ya taɓa nisabi

Masu fitar da nisabin zakka a masallatanmu yawanci giram 85 suke ɗauka, wato misƙali 20 kowane giram 4.25. Ɗaliban da ke karanta littattafan malaman Indiya da Pakistan za su ci karo da tola bakwai da rabi, wanda ya kama giram 87.48. Zaɓi tsakanin biyun na malamai ne, namu a nan lissafi kawai. A farashin misalinmu giram 85 sefa 4,919,035 ne, tola bakwai da rabi kuma 5,062,500.

Da a ce mai lissafin ya yi amfani da ozar abinci, giram 85 zai fito masa sefa 5,396,820. Mutumin da ya ajiye sefa 5,200,000 shekara ta zagayo a kansu zai duba allon masallaci ya ga bai kai nisabi ba, alhali ya kai ta kowanne daga cikin awon biyu, kuma sefa 130,000 ce hakkin mabukata a cikin kuɗin. Saboda haka duk wanda zai liƙa nisabi a allo ya rubuta kwanan wata, da farashin oza, da canjin dalar da ya ɗauka, da yawan giram ɗin da ya ninka, yadda kowane ɗalibi mai waya a hannu zai iya sake bin lissafin.