Turken tsakiya: tarihin ƙa'idar Simpson

A shekarar 1613 Johannes Kepler, masanin taurarin nan Bajamushe, yana zaune a garin Linz na ƙasar Ostiriya, ya yi aure na biyu, ya sayi gangunan ruwan inabi na gida. Mai sayarwa ya zura sanda a karkace ta ramin da ke cikin gangar har ta taɓo can ƙasan murfi, ya duba alama, ya yanke kuɗi. Abin ya tsaya wa Kepler a rai: ganga mai tumbi a tsakiya, mai tsukakken baki, ta yaya awo ɗaya zai faɗi abin da ke cikinta? A 1615 ya fitar da littafi sukutum a kan awon ganguna. Har yau Jamusawa suna kiran wata dabara ƙa'idar gangar Kepler: a auna girman filin bakin nan, da na tsakiya, da na wancan bakin, a ba na tsakiya nauyi huɗu, a haɗa, a raba shida, a ninka da tsawon gangar.

Sauran duniya kuwa da sunan wani Bature ɗan Ingila ta san ta. An haifi Thomas Simpson a Market Bosworth a 1710, ɗan masaƙi ne, shi ma ya yi saƙa, kuma shi ya koya wa kansa lissafi. A 1743 ya buga ƙa'idar a littafinsa Mathematical Dissertations, a shekarar kuma ya fara koyarwa a makarantar soja ta Woolwich. Ba shi ya ƙago ta ba. Cavalieri na Italiya ya riga shi da kusan shekara ɗari, James Gregory na Sikotilan ma ya rubuta ta a 1668. Ni dai ban ga laifin sunan ba, domin littattafan Simpson na masu koyo ne, kuma ta hannun masu koyo abu yake yaɗuwa.

Matsalar da ake son warwarewa ita ce girman filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi, kamar gonar da iyakarta ɗaya bakin rafi ne. Sai a raba gindin filin gida-gida, kowane gida faɗinsa h, a kafa turke a kowace mahaɗa, a auna tsawo daga turken zuwa layin. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kawunan awon da miƙaƙƙen layi, amma miƙaƙƙen layi ba ya bin lanƙwasa. Ƙa'idar Simpson farabola take ɗorawa, wato irin bakan da dutse yake zanawa a iska idan an jefa shi, kuma tun zamanin Archimedes an san yadda ake lissafin filinta daidai.

Maki biyu sun isa a ja miƙaƙƙen layi, amma farabola sai da uku. Turke uku kuwa gida biyu suke kewayewa. Filin da ke ƙarƙashin farabolar shi ne (h/3)(y0 + 4y1 + y2), inda y0, y1 da y2 su ne awon turaka ukun, lissafin gangar Kepler ke nan. Idan filin yana da tsawo, sai a jera farabola bayan farabola, kowace ta ci gida biyu, ta yi tarayya da maƙwabciyarta a turken iyaka. Wannan turken an ƙirga shi sau biyu, shi ya sa nauyin yake tafiya 1, 4, 2, 4, 2, har a ƙare da 4, 1. Dalilin da ya sa dole yawan gidajen ya zama cika, wato mai rabuwa biyu, ke nan: idan mara ne, gida ɗaya zai rage ba abokin tafiya.

Ɗalibai sukan yi kuskure a nan, su ɗauki gida uku su sa nauyi 1, 4, 2, 1. Gwajin da ke tona asirin wannan mai sauƙi ne. A ɗauki fili shimfiɗaɗɗe wanda tsawonsa 1 ne ko'ina; amsa dole ta zama 3h. Nauyin nan jimillarsu 8 ce, sai a sami 8h/3, an yi asarar kashi ɗaya cikin tara na filin da ko yaro zai auna. Wanda aka ba awo mai gida mara, mafitarsa ita ce ƙa'ida ta biyu mai cin gida uku, (3h/8)(y0 + 3y1 + 3y2 + y3). Gida biyar sai ya zama biyu da uku.

Bari mu gwada da layin y = 1/x daga 1 zuwa 2, wanda amsarsa ta gaskiya 0.693147 ce. Da gida biyu, h rabi ne, awon kuma 1, da 0.666667, da 0.5. A ninka na tsakiya huɗu, a haɗa, a sami 4.166667, a raba shida, amsa 0.694444. Kuskuren 0.001297 ne, da awo uku kacal. Da gida huɗu amsa ta zama 0.693254, kuskure ya sauko 0.000107, alhali hanyar miƙaƙƙen layi da awo biyar ɗin nan 0.697024 take bayarwa, kuskurenta ya ninka na Simpson sau 36. Da gida takwas kuskuren 0.0000074 ne. Wato a karon farko ya ragu kusan sau 12, a na biyu sau 14 da rabi, yana nufar 16.

Sha shidan nan ba haka kawai ta zo ba. Kuskuren yana tafiya ne da h^4, kuma idan aka raba h biyu, an raba h^4 gida 16. Mutum zai yi zaton h^3 ne, tunda farabola a x^2 ta tsaya, x^3 ya fi ƙarfinta. To amma turken tsakiya a tsakiya yake cif. Idan layin yana da ɓangaren x^3, abin da farabola ta yi ƙari a hagun turken shi take ragewa a damansa, su cinye juna. Saboda haka ƙa'idar tana ba da amsa daidai har ga layi mai x^3, sai a x^4 kuskure yake farawa. A ganina nan ne kyawun ƙa'idar yake: tsakiyar da ta wajabta lamba cika, ita ce kuma ta ba da gyaran mataki guda kyauta.

Wannan alkawari yana da sharaɗi, sai layin ya zama sumul. Girman kuskuren shi ne (b − a)h^4/180, inda a da b su ne iyakokin filin, a ninka da saurin sauyin layin a mataki na huɗu, kuma idan wannan ya tashi ba iyaka a wani wuri, lissafin ya rushe. Layin y = √x daga 0 zuwa 1 misali ne, domin a tsaye yake tashi daga sifili. Amsarsa 0.666667 ce, gida biyu suna ba da 0.638071, gida huɗu 0.656526. Kuskuren bai ragu ko sau uku ba.

Mai aiki ba ya da amsar gaskiya a hannu, don haka da amsoshinsa yake gane inda yake. Ya lissafa da gida biyu, da huɗu, da takwas, ya duba tazarar da ke tsakanin amsoshin. Idan kowace tazara ta kusan zama kashi ɗaya cikin 16 na wadda ta gabace ta, ƙa'idar tana aiki, kuma tazarar ƙarshe a raba 15 ita ce kiyasin kuskuren da ya rage. A misalin 1/x wannan yana ba da 0.0000066, gaskiyar kuwa 0.0000074. Idan tazarar sau uku kawai take raguwa, akwai ƙusurwa ko tsaye a wani wuri a layin, sai a nemo wurin a ƙara masa turaka shi kaɗai.