Tarihin UART da kuskuren gudun bod

UART da'ira ce da ke aika bayanai bit ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wayar agogo tsakanin mai aikawa da mai karɓa ba. Asalinta na wayar tangaraho ne, kuma ma'aunin gudunta, bod, daga sunan Bafaranshe Émile Baudot aka ciro shi. Wasu na fara tarihinta daga guntun WD1402A na kamfanin Western Digital a 1971, amma Gordon Bell ya riga ya gina irinta wa kwamfutar PDP-1 a kamfanin DEC kusan shekara goma kafin nan.

A 1981 kwamfutar IBM PC ta fito da guntun 8250 da kiristal mai 1.8432 MHz. In aka raba wannan adadi da 16, 115200 ake samu cif, kuma daga shi 9600 ke fitowa ba ragowa.

Tsarin firam ɗin da ya fi yaɗuwa shi ne 8N1. Layi yana zaune a sama, bit na farawa ya ja shi ƙasa, bit takwas na bayani su biyo, bit na tsayawa ya mayar da shi sama. Mai karɓa yana saita lokacinsa sau ɗaya tak, a gefen bit na farawa, sannan ya riƙa karanta tsakiyar kowane bit da agogon kansa. Tsakiyar bit na tsayawa tana nisan bit 9.5, kuma zamewar rabin bit ta isa ta ɓata karatu. Ke nan sassaucin bai wuce kusan kashi 5 cikin ɗari ba, kuma ɓangarori biyu ne ke raba shi.

A nan ne Arduino Uno, mai ATmega328P a kan 16 MHz, ke shiga matsi. Lissafinsa:

```
UBRR0 = F_CPU / (16 * BAUD) - 1
```

A 9600, amsa 103.17 ce, a sa 103, gudu ya zama 9615, kuskure kashi 0.2. A 115200 kuwa 7.68 ce, dole a sa 8, gudu ya faɗo 111111, wato ƙasa da kashi 3.5. Kafin a kai bit na tsayawa an zame sulusin bit. Kunna `U2X0` yana mayar da mai rabawa 8, a sami 117647, sama da kashi 2.1, wanda ke aiki muddin ɗaya ɓangaren daidai yake. Kiristal mai 14.7456 MHz yana share kuskuren gaba ɗaya, shi ya sa tsofaffin injiniyoyi suka fi son irinsa.

Idan aka karanta bit na tsayawa aka same shi a ƙasa, tutar `FE0` takan tashi. Rubutun da ya rikice kaf yawanci saɓanin bod ne tsakanin allo da kwamfuta. In harafi nan da can ne ke lalacewa, a zargi agogo, musamman na cikin guntu da ba kiristal, wanda zafi ke karkatar da shi.