Nazari a kan Jimillar Awoyin da ke Komawa Sifiri Bayan Kwana Guda a Jadawalin Lissafi

Abin da muke nufi da jadawalin lissafi a wannan nazari shi ne manhajar kwamfuta da ke shimfiɗa bayanai a layuka na tsaye da na kwance, irin su Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc. Mahaɗar layin tsaye da na kwance ita muke kira gurbi, kuma kowane gurbi da adireshinsa, kamar B2 ko B8. Gurbi yana ɗauke da abu biyu waɗanda dole a rarrabe su tun da wuri. Na farko shi ne ƙima, wato ainihin lambar da manhaja ta adana take kuma lissafi da ita. Na biyu shi ne siga, wato umarnin da ke faɗa wa manhaja yadda za ta bayyana wannan lamba ga mai kallo. Sauya siga ba ya taɓa ƙima. Matsalar da za mu bincika, inda aka tara awoyin mako guda sai jimilla ta fito ƙasa da awoyin rana ɗaya, a sigar take, ƙimar kuwa lafiyarta lau.

Lokaci shi ma iri biyu ne, ko da yake rubutunsu ɗaya. Akwai lokacin agogo, wanda ke amsa tambayar "ƙarfe nawa?", akwai kuma tsawon lokaci, wanda ke amsa tambayar "awa nawa aka ɗauka?". Idan aka rubuta 8:30, yana iya zama takwas da rabi na safe, yana kuma iya zama awa takwas da minti talatin na aiki. Lokacin agogo zagaye yake yi, domin daga 23:59 sai 0:00 na sabuwar rana. Tsawon lokaci ba shi da wannan iyaka, yana iya kaiwa awa hamsin ko ɗari biyar. Manhajojin jadawali ba su ware wa kowane ɗaya irin lambarsa ba. Dukansu biyu hanya ɗaya ake adana su, sai siga kaɗai ke nuna wanda ake nufi.

Hanyar adanawar ita ce a ɗauki kwana guda cikakke a matsayin lamba 1. Awa goma sha biyu ke nan 0.5, awa shida 0.25, awa ɗaya kuma ɗaya bisa ashirin da huɗu, kimanin 0.041667. Abin da ke hagun ɗigo adadin kwanaki ne, abin da ke damansa kuma guntun kwana ne. Da yake kwanan wata ma da wannan ma'auni ake ƙirga shi, kowace manhaja tana da ranar da take fara ƙidaya. A tsarin Excel na yau da kullum lamba 1 ita ce 1 ga Janairu 1900, tsarin da ya gada daga Lotus 1-2-3, yayin da Google Sheets da LibreOffice Calc ke ɗaukar 30 ga Disamba 1899 a matsayin sifiri. Sigar `h:mm`, wadda Excel ke ɗora wa gurbi da zarar an rubuta 9:45, siga ce ta lokacin agogo. Aikinta ta kalli guntun kwanan ta faɗi ƙarfe nawa ne, ba ruwanta da cikakkun kwanakin da ke hagun ɗigo, domin a wurinta waɗannan na kwanan wata ne.

Mu ɗauki misalin wata ma'aikata da ke rubuta awoyin da janaretanta ya yi yana aiki, domin lissafin man dizal. A gurabe B2 zuwa B7 an shigar da Litinin 9:45, Talata 8:30, Laraba 10:15, Alhamis 7:50, Juma'a 6:20, Asabar 11:05. A gurbi B8 aka rubuta fomula, wato umarnin lissafi da ke farawa da alamar daidai:

```
=SUM(B2:B7)
```

Da hannu, awoyin sun kama 51, mintocin 165, wato awa biyu da minti arba'in da biyar, jimilla 53:45. Amma gurbin B8 ya nuna 5:45, domin ya kwaikwayi sigar guraben da ya tara. Ƙimar da ke ciki ita ce 53.75 a raba da 24, kimanin 2.239583. Sigar ta tsallake 2 ɗin, wato awa arba'in da takwas, ta fassara 0.239583 a matsayin shida saura kwata na asuba. Wanda ya riƙa tara jimillar rana bayan rana zai ga inda abin ya karkace: Litinin 9:45, Talata 18:15, sai Laraba ta faɗo 4:30 maimakon 28:30. A wannan misali kuskuren a fili yake, tunda jimillar ba ta kai ko awoyin Juma'a ba. Ya fi haɗari a ranar Juma'a, inda 42:40 ke fitowa 18:40, adadin da ya fi na kowace rana girma, har ido ya wuce shi bai tsaya ba.

Kafin gyara, ya kamata a tabbatar da cutar, kuma gwajin ba shi da wuya. A zaɓi gurbin jimilla a mayar da sigarsa `General` ko `Number`. Idan aka ga lambar da ta wuce 1, kamar 2.2396 ɗinmu, to kwanakin suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Idan kuwa lambar ta yi ƙasa da abin da ake tsammani, ko ta fito sifiri, to wata matsalar ce dabam. Galibi wasu guraben rubutu ne kawai ba lamba ba, abin da ke yawan faruwa da bayanan da aka kwafo daga wata manhaja, kuma `SUM` tsallake rubutu yake yi ba tare da gargaɗi ba. Ana gane su da `ISNUMBER`, ko da yadda suke manne wa gefen hagu na gurbi. Haka nan wanda ya rubuta 8.30 da ɗigo maimakon 8:30 da ruwa biyu, kwana takwas da ɗoriya ya shigar, kuma sigar agogo za ta ɓoye masa wannan ma.

Gyaran a Excel shi ne a zaɓi gurbin, a danna Ctrl+1 domin buɗe `Format Cells`, a shiga rukunin `Custom`, inda mai aiki ke rubuta sigar kansa, sannan a akwatin `Type` a sa:

```
[h]:mm
```

Baka biyun nan masu kusurwa da suka kewaye `h` su ne gyaran gaba ɗaya. Suna umartar manhaja ta ƙirga dukan awoyin da suka shuɗe, har da na cikakkun kwanaki, ta daina komawa sifiri a ashirin da huɗu. Nan take 5:45 zai koma 53:45. A jerin sigogin `Time` na Excel akwai wadda aka nuna da misalin `37:30:55`, ita ce `[h]:mm:ss` da aka riga aka shirya. A Google Sheets ana bin `Format`, sai `Number`, sai `Duration`, a LibreOffice Calc kuma ana rubuta `[HH]:MM`. Ƙa'idar ba ta tsaya ga awa ba: `[m]` zai ba da jimillarmu a minti, 3225, `[mm]:ss` kuma ya dace da gajerun abubuwa irin tsawon kiran waya. Ma'aunin da ya fi girma, wanda ke farkon sigar, shi kaɗai ake sa wa bakan.

Akwai gyaran da ke jan hankalin mutane wanda muke ganin gara a guje masa, wato sigar `d h:mm`, da nufin a nuna kwanaki da awoyi. A Excel za ta nuna jimillarmu a matsayin 2 5:45, a zaci an dace. Amma `d` ba adadin kwanaki yake ƙirgawa ba, ranar wata yake nunawa, wato 2 ga Janairu 1900. Zai yi daidai har kwana 31, a kwana na 32 sai ya shiga Fabrairu ya koma 1. An dai ɗage matsalar ne daga kwana zuwa wata. A Google Sheets ma ba ya kaiwa can, tunda ƙidayarsa daga Disamba ta fara, kwana guda zai fito 31. Excel bai yarda da `[d]` ba, saboda haka mai son kwanaki sai ya ciro su da `INT(B8)` a gurbi dabam.

Gyara siga ya gyara abin da ido ke gani ne kawai, lissafin da ke biyo baya har yanzu da kwanaki yake aiki. A ce janaretan yana shan lita huɗu a awa. Wanda ya ga 53:45 ya ninka B8 da 4 kai tsaye zai sami kimanin 8.96, domin 2.239583 ya ninka. Dole a fara mayar da kwanaki awoyi:

```
=B8*24*4
```

Amsar ita ce lita 215. Sau da yawa gurbin amsar yakan kwaso sigar B8, sai a ga 5160:00, wato kwana 215 da aka bayyana a awoyi, don haka shi ma sai an mayar da shi `Number`.

Zuwa nan ƙimar ba ta salwanta ba, amma akwai wuraren da ɓoyewar ke zama asara ta gaske. Umarnin `HOUR` daga 0 zuwa 23 kawai yake bayarwa ko wace siga gurbin ke ɗauke da ita, don haka wanda ya haɗa `HOUR(B8)` da `MINUTE(B8)/60` zai sami 5.75, ya lissafa lita 23 a madadin 215. `TEXT(B8,"h:mm")` shi ma 5:45 zai fitar, kuma ko an sa bakan, abin da ya fito rubutu ne wanda `SUM` ba zai tara ba. Mafi ɓoyuwa shi ne adana fayil a tsarin CSV, wato fayil na zallar rubutu da waƙafi ke raba gurabensa. Excel yana rubuta abin da gurbi ke nunawa ne a cikinsa. Idan B8 yana kan `h:mm` lokacin adanawa, 5:45 ne zai shiga fayil ɗin, kuma wanda aka aika wa ba shi da sigar da zai sauya ya dawo da awa arba'in da takwas ɗin.

Ita kanta `[h]:mm` tana da iyaka. A tsarin 1900 na Excel ba ta nuna tsawon lokacin da ya yi ƙasa da sifiri. Idan janaretan ya tashi 22:00 ya mutu 3:00 na dare, cire na farko daga na biyu yana ba da lamba ƙasa da sifiri, gurbin ya cika da alamun `#####`. Idan farawar tana C2, ƙarewar tana D2, ana warware shi da:

```
=MOD(D2-C2,1)
```

Wannan yana ba da 5:00, amma da sharaɗin aikin bai kai kwana guda ba, domin `MOD` da 1 zubar da cikakkun kwanaki yake yi daga ƙimar kanta. Janaretan da ya yi awa ashirin da tara ba tsayawa shi ma 5:00 zai nuna. A irin wannan hali sai an shigar da kwanan wata tare da lokaci a guraben farawa da ƙarewa, a cire ɗaya daga ɗaya kai tsaye, a ɗora wa amsar `[h]:mm`.