Rinin Ƙwayar Tarin Fuka da Musabbabin Jinkirinta Wajen Tsiro

Tun daga ranar 24 ga Maris 1882, da Robert Koch ya bayyana wa malaman Berlin ƙwayar tarin fuka, masu tahakiki suka lura da halaye biyu gare ta: ba ta karɓar rini da sauƙi, ba ta kuma gaggawar hayayyafa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba ko asalin halayen nan guda ne.

Bangon ƙwayar lulluɓe yake da wani kitse mai kama da kakin zuma, wanda ake kira asid maikolik, mai sarƙar kabon 60 zuwa 90. Saboda haka ne a hanyar da ake jingina wa Ziehl da Neelsen, bayan an shafa majina a gilashi ta bushe, ake zuba jan rinin kabol fuksin a ɗumama shi har ya yi tururi, ba tare da ya tafasa ba, a bar shi minti biyar, domin zafi da finol su shigar da shi cikin kakin. Daga nan a wanke da asid mai barasa, wanda ke kwashe ja daga kome in ban da ƙwayar, sannan a bi da shuɗin metilin, sai ta bayyana a madubin likita kamar jan tsinke a shuɗin fili. Idan shafin ya yi kauri asid ba zai ratsa shi ba, jan da ya saura ya ruɗi mai dubawa. Bugu da ƙari, rinin ba ya nuna ƙwaya sai ta kai kimanin 5,000 zuwa 10,000 a mililita guda, ba ya kuma rarrabe rayayya da matacciya. Shi ya sa shuka ta zama wajibi.

A nan ne ake jarraba haƙuri. Ƙwayar Ikolai ta hanji tana rabuwa biyu cikin minti 20, alhali ta tarin fuka sai ta ci kimanin awa 18. Kafin ƙwaya guda ta zama miliyan 16 sai ta ninku sau 24: awa takwas ke nan ga Ikolai, kwana 18 ga ta tarin fuka. Don haka a kan abincin ƙwai na Löwenstein-Jensen, a zafin digiri 37, ba a yanke hukuncin rashin tsiro sai bayan mako takwas.

An sha ɗora alhakin jinkirin a kan kakin, da hujjar cewa yana tauye shigar abinci kuma gininsa na cin ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki, amma a ra'ayina hujjar ba ta wadatar ba, domin simegmatis, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka, tana riƙe rini kamarta, tana kuma rabuwa cikin awa uku zuwa huɗu. Bambancin da ya tabbata shi ne simegmatis tana da ƙofofin furotin masu saukin ratsawa a bangonta, da kwafi biyu na umarnin gina raibozom, masaƙar furotin, inda Ikolai take da bakwai, ta tarin fuka kuwa ɗaya tak. Saboda haka riƙon rini sifa ce ta bango kaɗai, jinkiri kuwa bango da ciki ne suka yi tarayya a kansa.